Idan Kuɗi Suka Tafi Lambar da Ba Ita Ba: Saƙon da Za Ka Aika wa Kamfani

 Shirinmu na yau ya shafi duk mai tura kuɗi ta waya, ko da OPay yake amfani, ko PalmPay, ko Moniepoint, ko MoMo na MTN, ko SmartCash na Airtel. Ka danna lamba, ka sa PIN, kuɗi sun tashi, sai daga baya ka gane ba wurin mai su suka je ba. Me za ka rubuta wa kamfanin, kuma me za ka roƙe su su yi? A kan wannan za mu tsaya yau. Wanda yake da biro da takarda kusa ya ɗauko, don akwai abin rubutawa a tsakiyar shirin.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ga wani ɗan kasuwa a Ramen Kura da ke nan Sakkwato, an sauke masa albasa daga Wurno, zai biya mai kaya naira 85,000. Mai kayan ya karanto masa lamba ta waya, ga hayaniyar kasuwa, ga 'yan dako suna jiran sallama. Lambar ta ƙare da 47, shi kuwa ya danna 74. Suna ya fito a fuskar waya, bai tsaya karantawa ba, ya sa PIN. Bayan rabin awa mai kaya ya bugo ya ce shi fa bai ga komai ba. Da aka duba rasit, sai ga sunan wani mutum daban wanda ba wanda ya san shi.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan kuskure ya fi saurin faruwa a asusun waya. Lambar asusun banki ta yau da kullum, wadda ake kira NUBAN, lambobi goma ce, kuma ta ƙarshen an lissafo ta ne daga sauran. Saboda haka idan ka kuskure ɗaya, sau da yawa na'ura za ta ce maka babu wannan asusu. Amma a kamfanoni irin su OPay da PalmPay, lambar asusunka ita ce lambar wayarka in an cire sifirin farko. Lambar waya ba ta da wancan mai gadin. Ka sauya lamba ɗaya, ka faɗa kan layin wani bawan Allah, kuma in yana da asusu a kamfanin, kuɗi za su shiga. Wani lokacin ma lambar daidai take, sunan bankin ne aka zaɓa ba daidai ba, domin lambobi goma iri ɗaya suna iya zama asusun mutum biyu a wurare biyu.

To, abu na farko da ɗan kasuwarmu zai yi shi ne ya buɗe tarihin hada-hadarsa ya ga me aka rubuta a kan wannan turin. In ya ga Failed ko Pending, to wata matsala ce daban: kuɗin ba su isa ko'ina ba, sun maƙale a hanya, kuma su ne waɗanda sukan dawo da kansu. In kuwa ya ga Successful, kuɗin sun riga sun sauka a asusun wani. Ina so a fahimci wannan bambanci sosai, domin nan ne mutane da yawa ke ɓata kwanaki. Mutum ya tura kuɗi wurin da ba shi ba, abokai su ce masa ya jira awa ashirin da huɗu za su dawo. Ba za su dawo ba. A idon na'ura babu wani kuskure da aka yi: ka ba da umarni, ka tabbatar da PIN ɗinka, an aiwatar.

Shi ya sa kamfanin ba zai iya sa hannu cikin asusun wancan mutumin ya ɗebo maka kuɗi don kawai ka ce kuskure ne ba. Na san wannan magana tana da ɗaci ga wanda abin ya shafa, amma a yi tunani. Da haka ake yi, da wani zai sayi buhun shinkafa a Babbar Kasuwa, ya biya ta waya, ya ɗora kaya a Keke Napep, sannan ya rubuta wa kamfani cewa kuskure ya yi a maido masa. Dokar da ta hana a maido maka nan take ita ce take kare ka ranar da kai ne mai karɓa.

Abin da kamfanin zai iya yi kuma yana nan a rubuce. A shekarar 2018 Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya fitar da ƙa'ida kan tura kuɗi na nan take tsakanin bankuna, kuma ta yi magana kan wanda ya tura kuɗi bisa kuskure. In ka san mutumin, ana so ku fara sasantawa tsakaninku. In ba ka san shi ba, ko ya ƙi mayarwa, ka kai kuka wurin kamfanin da ka turo kuɗin daga cikinsa. Shi zai sanar da bankin ko kamfanin da kuɗin suka shiga, a riƙe daidai adadin a asusun mutumin yadda ba zai iya cire su ba, sannan a nemi amincewarsa a mayar. In ya ƙi amincewa, masu binciken kuɗi na ɓangarorin biyu su shiga tsakani cikin mako biyu, in abin ya gagara a kai gaban CBN.

Ka ga ke nan abin da za ka roƙa a saƙonka ya fito fili. Wanda ya rubuta “ku maido mini da kuɗina” kawai, ya roƙi abin da ma'aikacin da ke karantawa ba shi da ikon yi, kuma amsar da zai samu ita ce a yi haƙuri. Wanda ya rubuta cewa a riƙe kuɗin a asusun da suka shiga, a tuntuɓi mai asusun, ya roƙi abin da ke cikin aikinsu. Kuma riƙon nan yana kama abin da ya rage ne kawai. In mutumin ya riga ya je wurin mai POS ya zare kuɗin, ba abin da za a riƙe. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Saƙon da aka aika cikin minti goma ya fi wanda aka tsara da kyau aka aika gobe.

Yanzu me za a sa a ciki? Ka tuna wanda zai karanta saƙonka bai san ka ba, bai san Ramen Kura ba, kuma saƙonni ne jibge a gabansa. Abin da zai ba shi damar gano turinka cikin dubbai shi ne lambar shaidar turin. Ka buɗe rasit ɗin a manhajar. In kuɗin sun tsallaka ne daga kamfani zuwa wani kamfani ko banki, sun bi ta hanyar NIBSS, wato cibiyar da ke haɗa bankunan ƙasar nan, kuma za ka ga wata doguwar lamba mai lambobi 30 da aka rubuta Session ID a gefenta. Da ita ne kamfaninka zai yi magana da ɗaya ɓangaren, domin ita ce su biyun suke gani. In kuwa cikin kamfani ɗaya ne, kai da mai karɓa duk a wuri guda kuke, ba lallai ka ga Session ID ba. Lambar da aka rubuta Transaction a gabanta ita za ka ɗauka. Kada ka kwafe ta da hannu, don wanda ya kuskure lamba goma zai iya kuskure talatin. Ka danna ka kwafa, ka kuma ɗauki hoton rasit ɗin ka haɗa.

Ga yadda ɗan kasuwarmu zai rubuta. Zan karanta a hankali.

“Assalamu alaikum. Sunana wane, lambar asusuna a wurinku kaza. Yau Talata, ranar kaza ga wata, da ƙarfe 11:20 na safe, na tura naira 85,000 bisa kuskure zuwa asusu mai lamba kaza, a kamfani kaza, mai suna wane kamar yadda ya fito a rasit. Wanda na yi niyyar tura wa shi ne wane, mai lamba kaza. Lambobin biyu iri ɗaya ne sai biyun ƙarshe, na danna 74 a maimakon 47. Ban san mai asusun da kuɗin suka shiga ba, kuma babu ciniki ko bashi tsakaninmu. Session ID ɗin turin shi ne kaza, ga kuma hoton rasit. Ina roƙon ku sanar da kamfanin da kuɗin suka shiga cikin gaggawa, a riƙe naira 85,000 a asusun, a nemi amincewar mai shi a mayar mini. Ku ba ni lambar ƙorafina, ku kuma gaya mini in akwai wata takarda da kuke buƙata daga gare ni. Ana samuna a wannan layi. Na gode.”

Shi ke nan. Bai wuce haka ba.

A lura da jimlar da ta kwatanta lambobin biyu. A ganina ita ce mafi ƙarfi a cikin saƙon, kuma ita ce aka fi mantawa. Kowa yana iya cewa ya yi kuskure, amma idan ma'aikaci ya ga lambar da aka nufa da wadda aka danna gefe da gefe, ya ga 47 da 74, ya ga kuskuren da idonsa. In kana da saƙon da mai kaya ya turo maka lambarsa a ciki, ko rasit na wani tsohon biya da ka taɓa yi masa, ka haɗa. Haka ma jimlar da ta ce babu ciniki tsakaninku: tana raba maganarka da rigimar mai saye da mai sayarwa, wadda kamfani ba ya shiga. Sai dai ka faɗi gaskiya. In ka san mutumin, misali tsohon abokin ciniki ne da sunansa ke cikin jerin waɗanda ka saba tura wa, ka faɗa. Tarihin asusunka yana gabansu, za su gani.

Kada kuma ka ce an damfare ka alhali kuskure ka yi, wai don a yi saurin rufe asusun mutumin. Wasu suna ba da wannan shawara, kuma muguwar shawara ce. Ka ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba laifin zamba, ka jawo a toshe masa asusun da yake ci da iyalinsa da shi, sannan in bincike ya nuna ƙarya ka yi, maganarka ta zube gaba ɗaya.

Abubuwan da ba sa shiga saƙon su ne PIN ɗinka, da lambar OTP da ake turo maka, da lambobin katinka. Ba a buƙatar ko ɗaya don a bi sawun turi. Duk wanda ya tambaye ka su, ko da ya ce daga kamfanin yake, ɓarawo ne. Kuma ɓarayin nan sun san mutumin da ya yi asarar kuɗi hankalinsa a tashe yake. Ka rubuta kukanka a fili a Facebook, kafin ka ajiye waya wani ya bugo da murya mai daɗi, ya ce shi ma'aikaci ne, za a maido maka yanzu, ka karanto masa lambar da ta shigo. Ka karanta, sauran abin da ke asusun ya bi na farko. Saboda haka ka aika saƙonka ta sashen taimako da ke cikin manhajar kanta, ko ta layi da imel ɗin da aka rubuta a cikinta. Lambar da ka tsinta a intanet ko wani ya turo maka a zauren WhatsApp, ka bar ta. In ka buga waya ka yi bayani da baki, ka biyo da rubutu, domin rubutu ne ke nuna rana da lokacin da ka kai kuka.

Wani zai ce, ai su da Turanci suke amsawa. Sau da yawa haka ne. Ka samu ɗanka ko wani amintacce ya mayar maka da saƙon nan Turanci, jimla bayan jimla, a gabanka, wayar tana hannunka. Kalmar da zai rubuta a wurin riƙe kuɗi ita ce lien. In ba ka samu kowa ba, ka aika da Hausarka tare da hoton rasit, kada ka tsaya jira. Lambobi da hoto ba sa buƙatar tafinta.

Ga wata gaɓa da ta shafi mutanenmu da yawa, musamman iyayenmu mata da masu zuwa daga ƙauye. Ba kowa ne ke tura kuɗi da wayarsa ba. Wani tsabar kuɗi yake kai wa mai POS a bakin tasha ko a Kasuwar Daji, ya karanta masa lamba, a tura. In aka yi kuskure a nan, kamfanin bai san ka ba. A wurinsu mai POS ne ya yi turin, daga asusunsa kuɗin suka fita, don haka shi ne zai rubuta ƙorafin. Ka koma wurinsa nan take da ɗan rasit ɗin da ya ba ka, ku rubuta tare, ka karɓi lambar ƙorafin ka ajiye. Rubutun irin wannan takarda yana gogewa da zafi, kuma mun san zafin Sakkwato, sai ka ɗauki hotonta tun tana karantuwa. Masu POS kuma, don Allah ku riƙa karanta wa mai turi sunan da ya fito da ƙarfi, ku jira ya ce shi ne, kafin ku danna.

Bayan an aika saƙo, sai maganar kiran mutumin. Tunda lambar asusun ita ce ta waya, in ka sa sifiri a gaba, sau da yawa za ka same shi. Shawarata ita ce ka fara aika wa kamfani, sannan ka kira, domin kiran yana sanar da shi cewa ana neman kuɗin, kuma ba ka san halin wanda za ka tarar ba. In ya ɗauka, ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka ce: “Malam, ka yi haƙuri, na yi kuskuren lamba kuɗi sun shigo maka, naira 85,000, da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin. Don Allah ka duba asusunka.” Ban da barazana, ban da ambaton 'yan sanda a kiran farko. In ya yi jinkiri kada ka yanke masa hukunci, domin shi ma yana da dalilin tsoro. Akwai masu turo saƙon ƙarya mai kama da na banki, sannan su bugo suna kuka a mayar musu da kuɗin da ba su taɓa shiga ba.

Ga kai kuma da kuɗin suka shigo wa, hanyarka mai sauƙi ce. Ka buɗe manhajarka ka ga ko da gaske adadin ya ƙaru. In ya ƙaru, ka mayar ta asusun da suka fito, sunan da ke kan rasit, ba wani asusu na uku da mai kira zai karanto maka ba. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka sanar da kamfaninka ka ba su izini su mayar da kansu. Wannan ya fi tsare ka. Abin da ba ka da shi shi ne ikon taɓa su. Malamanmu sun sha yin bayani kan hukuncin tsintuwa, kuma a nan ma ba sai an yi cigiya ba, tunda sunan mai dukiyar yana rubuce a wayarka. Sannan tun daga ƙarshen 2023 CBN ya wajabta haɗa ko da ƙaramin asusu da BVN ko NIN, don haka kashe waya ko jefar da layi ba ya ɓatar da mutum.

Mu koma kan ɗan kasuwarmu. A ce kamfani ya amsa, ya ba shi lambar ƙorafi, an riƙe kuɗin, mai asusun ya amince. To, sai a mayar, magana ta ƙare. Amma a ce mutumin ya ƙi ɗaukar waya, ko ya ce shi bai yarda ba. A nan ne kamfani yakan ce maka ka kawo umarnin kotu. Ba wulaƙanci ba ne. Idan mai asusu bai yarda ba, alƙali ne ke da ikon cewa a cire. Za ka buƙaci lauya, da takardar rantsuwa da ke bayyana yadda kuskuren ya faru, da rasit, da bayanin asusunka, da kwafin saƙon nan da ka aika tare da amsar da aka ba ka. Ka ga amfanin rubutu ke nan. Ka tambayi kamfanin a rubuce ko an riƙe kuɗin kuma nawa aka samu a ciki, kafin ka kashe ko sisi a kan shari'a. Wanda ya tura 85,000 kuma aka tabbatar masa suna nan a riƙe, bin kotu yana iya biyan wahalarsa. Wanda ya tura 3,000 ya san kuɗin lauya zai haɗiye su har da ƙari. Kuma riƙon ba na har abada ba ne, don haka in za ka je kotu, kada ka bari makonni su shuɗe.

In kuma kamfanin ne ya yi shiru, ka aika tunatarwa a kan lambar ƙorafin da aka ba ka. Kada ka buɗe sabon ƙorafi kullum, don yin haka yana mayar da kai bayan layi ne. Idan mako biyu suka cika ba a warware ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, ta imel cpd@cbn.gov.ng, ko ka kai takarda reshen CBN da ke nan Sakkwato. Abin da za su fara dubawa shi ne ko ka kai kuka wurin kamfaninka tukuna, da ranar da ka kai, da lambar ƙorafin. Ka haɗa musu saƙonka na farko yadda yake, da rasit, da duk amsar da aka ba ka, ka rubuta a taƙaice abin da kake nema.

Ga adireshin kuma don wanda bai samu rubutawa ba: cpd@cbn.gov.ng. A nan za mu dakata a shirin namu na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, wassalamu alaikum.